Injin wanki na cika ruwa ba ya tsayawa

Tambaya: Na haɗa sabon injin wanki, ruwa na shiga amma ba ya tsayawa, wani lokacin kuma kaya su fito da warin kwata. Mene ne matsalar?

Amsa: Ɗan'uwa, duba tiyon fitar da ruwa. In yana kwance a ƙasa, ko bakinsa ya nutse cikin kwata, ruwan injin zuƙewa yake kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo, shi ya sa ruwa ke ta shiga ba ya tsayawa, kuma ƙazanta na iya komowa. Ka tsayar da bututu mai tsayin santimita 60 zuwa 90 daga ƙasa, da lanƙwasa mai riƙe ruwa a gindinsa don tare wari. Zura tiyon cikin bututun kamar santimita 15 kawai. Kada ka naɗe bakin da salatif, dole iska ta riƙa shiga.