Gidan tara da babu komai a ciki: yadda nake gano abin da ya ɓace

Tambaya: "Salam jama'a. Ina shirin jarrabawar ɗaukar aiki, kuma akwai tambayoyin nan na zane mai gida tara, uku a kwance uku a tsaye, an bar na ƙarshe babu komai a ce ka zaɓo abin da ya dace. Wallahi duk amsoshin kama suke yi mini, sai dai in yi canki-canka. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka."

Wa alaikumus salam ƙanena. Kamar da kake gani ba laifin idonka ba ne, da gangan aka yi ta. Mai tsara tambayar yakan ɗauki amsar gaskiya ne ya sauya mata abu ɗaya tak, ko launi, ko adadi, ko inda ta fuskanta, ya jera maka su a ƙasa. Duk wanda ya fara da kallon amsoshin nan ya faɗa ramin da aka haƙa masa. Don haka abu na farko da nake sa yaran da nake yi wa bita su yi shi ne su ɗora tafin hannu a kan amsoshin, ko su sa takarda su rufe ƙasan allon kwamfutar, kada su buɗe sai sun faɗi da bakinsu abin da ya kamata ya zauna a gidan.

Bari mu yi ɗaya tare. Ɗauko biro ka zana, don karantawa kawai ba za ta wadatar ba.

Layin sama: da'ira ɗaya baƙa, sai alwatika biyu farare, sai murabba'i uku masu ratsi-ratsi.

Layin tsakiya: alwatika ɗaya mai ratsi, sai murabba'i biyu baƙaƙe, sai da'ira uku farare.

Layin ƙasa: murabba'i ɗaya fari, sai da'ira biyu masu ratsi, sai gidan da babu komai.

In ka kalli gidajen takwas gaba ɗaya, kanka ne zai yi zafi. Abubuwa uku ne ke sauyawa a nan, siffa da adadi da launi, kuma kowanne da dokarsa, ba ruwansa da ɗan'uwansa. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Fara da adadi, shi ya fi sauƙi: layin sama 1, 2, 3, na tsakiya ma haka, na ƙasa ya kawo 1 da 2, saura 3. Ajiye wannan. Koma kan siffa, ka manta da ƙirga: kowane layi yana da da'ira da alwatika da murabba'i, wuri kawai suke musanyawa. Layin ƙasa ya samu murabba'i da da'ira, alwatika ce ba ta zo ba. Launi ma rabon uku ne, an ba da fari, an ba da mai ratsi, baƙi ya rage. Yanzu faɗe ta a fili: alwatika uku baƙaƙe.

Kada ka ɗaga hannunka tukuna. Sauko ta layin tsaye na ƙarshe, daga sama zuwa ƙasa: murabba'i, da'ira, sai alwatikarmu, babu wadda ta maimaitu. Launi kuma ratsi, fari, baƙi, ya cika. Amma lura da adadi. A kwance yana hawa, a tsaye kuwa 3 ne, 3 ne, 3 ne, bai motsa ba. Nan wasu ke rikicewa su ce dokar ta karye. Ba ta karye ba. Ba dole ne dokar kwance da ta tsaye su zama iri ɗaya ba, abin da ake so shi ne amsarka ta zauna lafiya da kowacce. Sai yanzu za ka buɗe amsoshin, kuma na tabbata za ka tarar da alwatika uku farare, da alwatika biyu baƙaƙe, da da'ira uku baƙaƙe suna jiranka. Kowacce ta ci biyu ta faɗi ɗaya.

Wannan nau'in mai sauƙi ne. Wanda ya kayar da ni a wata jarrabawar wani kamfani, har yau ban manta shi ba, na sanduna ne. Layin sama: sanda a tsaye, sanda a kwance, sai gida na uku an haɗa su sun zama alamar tarawa, wato +. Na ce a raina ai wannan kyauta ce, gida na ɗaya da na biyu ake haɗawa. Ban ko tsaya a layin tsakiya ba na dira ƙasa, na ga sanda a kwance da alamar +, na haɗa su suka ba ni +, na zaɓa na wuce ina murna. Sai a cikin mota, a hanyar komawa gida, ina sake zana abin a bayan takardar gayyata, na ga ɓarnar da na yi. Layin tsakiya + ne, sai sanda a tsaye, sai sanda a kwance. Da haɗawa ce zalla, ai + za a samu a gida na uku. Ashe dokar ita ce a ɗora gida na ɗaya a kan na biyu, duk sandar da ta fito a duka biyun ta ɓace, wadda ta fito a ɗaya kawai ta tsira. A layin sama babu sandar da suka yi tarayya a kai, shi ya sa abin ya yi kama da haɗawa. A layin ƙasa kuwa ta kwance tana gida biyun, ita za ta tafi, amsar sanda a tsaye ce ita kaɗai. Kuma da na sauko ta layin tsaye na ƙarshe, + sannan ta kwance, shi ma ta tsaye zai ba ni.

Tun daga ranar, layin sama zato kawai nake ɗauka daga gare shi, layin tsakiya ne mai ba da shaida. Alamar da za ta nuna maka kana gaban irin wannan ita ce gida na uku wani lokaci ya fi na baya cika, wani lokaci ya fi su ƙarancin zane. Da ka ga haka, daina ƙirga, fara ɗora gida a kan gida.

Dokokin ma ba su da yawa. Asalin wannan gwaji na wani masanin halayyar ɗan Adam ne ɗan Birtaniya, John Raven, da ya fitar a 1938, tambayoyi 60 kashi 5, kowane kashi 12, suna ƙara wuya in ana tafiya. A 1990 wasu masana uku, Carpenter da Just da Shell, suka bi nau'insa mai wuya suka nuna cewa dokoki biyar ne ke ɗauke da kusan dukkan tambayoyin: abu ya tsaya yadda yake a layi, ko ya riƙa ƙaruwa ko raguwa ko juyawa daki-daki, ko a haɗa ko a cire, ko rabon uku, ko abu ya fito a gida biyu ya ɓace a ɗaya. Abin da ke sa tambaya ta yi wuya yawanci tara dokoki uku ko huɗu ne a zane ɗaya.

In juyawa ce, kama tsini ɗaya ka bi shi, ka tantance ko yana bin hannun agogo ko yana saɓa masa, kuma da digiri nawa, 45 ko 90. In kuma lokaci ya matse ka ba ka gano doka ta ƙarshe ba, yi aiki da waɗanda ka tabbatar. A misalinmu na farko, sanin cewa alwatika ce kuma guda uku ya isa ya zubar da mafi yawan amsoshin da aka jera maka, sai ka yi cankenka tsakanin biyu ko uku da suka rage. Turo mana ɗaya daga cikin waɗanda suka gagare ka, tare da dokar da ka zata, mu ga a wane layi ta karye.