Takardar haddar jimloli ko malamin da zai saurare ni?

"Anti barka da aiki. Ni nas ce a Kano, na yi jarrabawar Turanci ta IELTS na samu 6.5 a ɓangaren magana alhali 7 nake nema saboda rajistar aiki a Ingila. Ina yawan eh... eh... sai kalma ta ɓace min. Wani na sayar da takarda mai jimloli 100 na cike shiru a wasap, akwai kuma malamin da ake biya ana gwada magana da shi. Kuɗina na abu ɗaya ne, wanne zan ɗauka?"

Ƙanwata, biya malamin. Takardar nan ki bar masa kayansa.

Abubuwa 4 ake auna miki a mintuna 11 zuwa 14 na jarrabawar maganar, mai kashi 3, kowanne da rubu'in maki: gudun magana da haɗuwarta, yawan kalmomi, nahawu, sai furuci. Ma'aunin nasu a bayyane yake kyauta a intanet, kuma in kin karanta za ki ga ko mai maki 7 an yarda ya ɗan yi jim wani lokacin, ya maimaita, ya gyara kansa. Har mai 9 ma yana tsayawa, sai dai shi tunanin abin da zai ce ne ya tsayar da shi, ba laluben kalma ba. Bambancin ke nan da mai jarrabawar ke kasa kunne a kai, kuma inda kika tsaya ne ke tona asiri. Tsayawa a ƙarshen jimla kafin ki ɗauko wata, kowa na yi ko da Hausa ne. Tsayawa a tsakiyar jimla daidai inda suna ko aikatau ya kamata ya fito, wannan shi ke cewa kalma ta gudu.

To a nan takardar hadda ke cutarwa. Yawan nanata kalmomin haɗi iri ɗaya, a ma'aunin siffar mai maki 5 ce. Mutum a tambaye shi ina yake zaune ya fara da "kai wannan tambaya ce mai ban sha'awa", haba, me ke ban sha'awa a ciki? Nan take an gane hadda ce, don muryarki za ta zubo da gudu a jimlar da kika haddace sannan ta koma dabur-dabur a taki maganar. Jimlolin cike shiru guda uku ko huɗu gajeru sun ishe ki, irin su "wel", "let mi si", "ai min", kuma ki fi ajiye su sai kashi na 3, inda tambayoyin na ra'ayi ne da gaske sai an yi tunani.

Abin da ya fi kawo maki shi ne kewaye. A ce a kashi na 2, inda ake ba ki minti 1 ki shirya ki yi magana har minti 2, an ce ki kwatanta wani abu mai amfani a gidanku, kin ɗauko turmi, sunansa na Turanci ya ɓace fit. Kar ki tsaya kina kallon silin. Ci gaba da Turancinki ki ce wani abu ne na katako mai zurfi da muke daka gero ko barkono a ciki da wata doguwar sanda mai nauyi, ki wuce zuwa wanda ya saya da yaushe. Maganarki ba ta yanke ba, kuma iya kewaye shi kansa ana ba shi maki a ɓangaren kalmomi, wato riba biyu. Ke da kike yi wa majinyata bayanin cuta kullum ba tare da sunan likitanci ba, ai aikin ba baƙonki ba ne.

Gyaran kai kuwa a yi shi da sauri, kalma ɗaya. Kin ce "yestade ai go", ki ɗora "went" ki wuce, ba sai kin ce sori ba, ba sai kin koma farkon jimla ba. In kin riga kin yi nisa ki bar kuskuren, ya tafi. Mai gyara kowace jimla nahawunsa bai tsira ba, ga gudun magana ya zube.

Amma fa ba kowane malami za ki miƙa wa kuɗi ba. Ki nemi zama ɗaya na gwaji tukun. Ya yi miki kashi ukun da agogo, ya naɗi muryarki, ku saurara tare ya nuna miki inda kika tsaya da dalili. In ya fi ki surutu a zaman, ko ya ce yana da tambayoyin da za su fito, ko ya yi miki alƙawarin 8, riƙe kuɗinki ki nemi wani. Tsakanin darasi kuma ki riƙa naɗar kanki a waya minti 2 kullum, ki ƙirga tsayawar tsakiyar jimla kaɗai, ki rubuta kalmar da ta maƙale, sannan ki sake faɗin jimlar ba tare da ita ba.