Tambayoyinku: Cewa ChatGPT ya bi mataki-mataki

Malam, an ce idan na ce wa ChatGPT ya yi tunani mataki-mataki ba zai yi kuskure ba. Ni nakan ce ya fara ba ni amsa, bayani ya biyo baya. Daidai ne? (Mai shago, Kano)

Alhaji, ka sa wando ta ka, kuma wannan ɗabi'a tana ci mini tuwo a ƙwarya. Manhajar nan guntu-guntu take fitar da rubutu, kowane guntu ya dogara da abin da ya gabace shi. Matakan da ta rubuta su ne allon lissafinta. In ka tilasta mata ta fara da amsa, ka ƙwace allon ke nan, bayanin da zai biyo baya kuwa sau da yawa kare amsar kawai yake yi, ko da ba daidai ba ce.

Ɗauki misali daga shagonka. Ka sayi kaya ₦40,000, ka ɗora kashi 25 cikin ɗari, sannan ka yi wa mai saye rangwamen kashi 25. Amsar gaggawa ita ce ka koma kan kuɗinka. Amma bi a hankali: ƙarin ₦10,000 ne, farashi ya zama ₦50,000. Rangwamen daga ₦50,000 ake cire shi, wato ₦12,500. Saura ₦37,500, ka yi asarar ₦2,500. A irin wannan lissafi mai hawa-hawa dabarar take amfani. A 2022 masu bincike sun ƙara wa tambayoyin lissafi jimlar `Let's think step by step`, wato mu yi tunani mataki-mataki, sai amsoshin daidai na wani samfurin GPT-3, manhajar da ta gabaci ChatGPT, suka tashi daga kashi 17.7 zuwa 78.7.

Duk da haka, kada tsawon bayani ya ruɗe ka. In ta yi tuntuɓe a mataki na biyu, duk abin da ya biyo baya a kan kuskuren zai hau, kuma zai fito tsaf gwanin sha'awa. Ni dai kullum nakan buɗe sabuwar hira in maimaita tambayar sau uku. In amsoshin suka saɓa, sai in ɗauko kalkuleta in bi layi-layi. Don Allah ku riƙa yin haka, kuɗi ne fa.

Na nemi shekarar rasuwar wani malami mataki-mataki, ya ba ni ta ƙarya. (Ɗaliba, Zariya)

Malama, shekara ba lissafi ba ce. In bai san ta ba, matakai sai dai su yi wa ƙaryar ado. Kunna binciken intanet ki duba tushen da kanki.

Ina amfani da samfurin da ke tunani kafin ya amsa. Sai na ƙara jimlar? (Daga Maraɗi)

A'a, yana yi da kansa. Faɗi abin da kake so a sarari, ka ba shi lambobinka cikakku.