Notin salansa ya ci tsatsa ya ƙi kwancewa

Tambaya: Jama'a notin salansar motata ya kafe da tsatsa, na sa sifana 14 har kansa ya fara cinyewa, ya zan yi?

Malam don Allah ajiye sifanar nan haka nan kafin bol ɗin ya karye a ciki. Samo buroshin waya ka goge tsatsar, sai ka fesa man nan na gwangwani mai ratsa tsatsa, akwai shi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ka ba shi kamar minti 30, in da hali ma ya kwana. Kana fesawa kana ɗan ƙwanƙwasa gefen notin da ƙaramar guduma, kaɗan-kaɗan dai, girgizar ce ke fasa tsatsar man ya samu hanyar shiga.

In ya ƙi sai wuta, amma ka goge man tas tukunna don yana kamawa da wuta, kuma in wajen yana kusa da tankin fetur ko tiyo ko roba to ka haƙura da wutar kwata-kwata. Mai waldar gas ya gasa notin shi kaɗai, shi ake so ya buɗe ya saki bol ɗin.

Wajen juyawa ka sa soket mai kusurwa 6, ka fara ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan sannan ka dawo baya, gaba baya gaba baya kana ƙara mai in ya huce. In ka ji yana ƙara ƙiii to yana tahowa. Amma in ya yi laushi lokaci guda ba ƙara, tsaya, ƙarfen ne ke murɗewa, ni haka na taɓa karya nawa sai da aka yi dirilin. In ya fita sa sabon noti.