Yanke taƙaitaccen bincike ya shiga kalma 250

"Taron ma'aikatan jinya ya ƙayyade kalma 250, nawa ya kai 410. Ina zan yanke?"

'Yar'uwa, fara da gabatarwa, can kitsen yake. Masu tantancewa sun san illar gyambon kwanciya, jimla biyu sun isa, sai manufa. Ki bar kusan kalma 100 ga sakamako: marasa lafiya nawa, nawa suka kamu kafin a fara juya su duk awa 2, nawa bayan haka. Alkaluman nan kada ki taɓa su, don su ake dubawa. Hanyar bincike kuwa, wuri, lokaci da ma'aunin Braden na auna haɗarin kamuwa da gyambon sun wadatar.

Ki liƙa shi a shafin taron tun da wuri, wani shafin har kanun sassa yake ƙirgawa.