Takardar hoto mai koya wa manomi ɗaurin buhun wake

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kasuwar Dole, Damagaram: "Malam, ina sayar da buhun ajiyar wake mai ruɓi uku, wanda ake rubuta PICS a jikinsa. Bara mutanen Mirya da Magarya sun dawo mini da ƙorafi, wai wake ya yi ƙwaro, alhali ɗaurin ne ba su iya ba. Yawancinsu ba su karatun boko. Na ware jika 30 in buga takarda mai hotuna kafin kaka. Yaya zan tsara ta?"

Alhaji, kafin ka je wurin mai zane, ka yanke abu ɗaya da kake so mutum ya aikata in ya koma gida. A ganina shi ne ya hana iska shiga buhun. Aikin wannan buhu ke nan gaba ɗaya: ƙwarin da ke cikin waken su shaƙe ƴar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Duk hoton da bai taimaki wannan saƙo ba, cire shi, ko da hoton shagonka ne.

Takardar ta tsaya a tsaye, matakan su sauko daga sama zuwa ƙasa, kowane da layinsa. Kada a jera su gefe da gefe. Wanda ya yi makarantar allo idonsa daga dama yake farawa, ɗan boko kuma daga hagu, to in ka jera a kwance wani zai fara da ɗauri ya ƙare da shanya. Sama da ƙasa kuwa ba mai gardama a kai. Kowane mataki a sa masa lamba babba, a gefenta a ɗiga ɗigo daidai adadinta, don wanda bai san 4 ba ya ƙirga huɗu.

Can sama a nuna riba: tafin hannu cike da wake lafiyayye, ba huji, kusa da buhu a ɗaure, da rubutu "Wake ba ƙwaro, ba magani". A nan masu zane suke yawan ɓata aiki. Sai su zana ƙwaron wake ƙato, ya cika kwatan takarda, don a ga ƙafafunsa. Manomi ya duba ya ce ai mu ba mu da irin wannan dabba. A zana shi ƙarami a kan ƙwayar wake mai huji, yadda kowa ya saba ganinsa.

Daga nan matakai biyar sun isa. Na farko wake a shanye kan tabarma ƙarƙashin rana, an rubuta "Shanya sosai", domin ɗanyen wake in aka rufe shi a leda fumfuna zai yi. Na biyu hannuwa biyu sun riƙe bakin leda da ta kumbura da iska suna matsawa, "Duba huji". Na uku ana zuba wake da tiya, ledoji biyun suna cikin buhun saƙa, bakin kowace a naɗe waje, "Zuba, matse iska". Na biyar buhun a kan katako, da rata tsakaninsa da bango, "Ɗora kan katako".

Na tsallake na huɗu da gangan, don shi ne takardar. Ba shi fili ninki biyu na sauran, ka raba shi gida uku. A gidan farko hannu ya murɗe bakin ledar ciki, ya lanƙwasa shi, ya ɗaure da igiya, sauran biyun suna buɗe a naɗe. A na biyu an ja leda ta biyu ta rufe ƙullin farko, ita ma an murɗe an ɗaure. A na uku buhun waje. Rubutun: "Ɗaure ɗaya-ɗaya". Hannun ya fito ƙato, igiyar ta yi baƙi ƙirin, don idon mai kallo ya faɗa kanta. Kuma kada mai zane ya rina leda ɗaya ja ɗaya shuɗiya wai don a bambance. Ledojin da ke shagonka iri ɗaya ne, kuma wanda ya ga masu launi a takarda zai ce jabu ka sayar masa. Haka nan kada a zana buhun an tsaga shi biyu don a nuna ruɓinsa. Ɗan makaranta ya san dabarar zane ce, wani kuwa yagaggen buhu zai gani.

A ƙasa a ja layi mai kauri, a sa hani guda: hannu yana kwance igiya, an gicciye shi, da "Kar a buɗe". Gicciyen ya zama siriri, kada ya rufe hannun. Ka lura hoton kuskure yakan fi na daidai zama a ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɗaya kawai nake ba ka, kuma nesa da matakan. In ka ƙirga, kalmomin duka 20 ne. Sunan shago da lambar waya su zauna a gindi da ƙananan baƙaƙe. Farashi kuwa kar ya shiga, ka fi ni sanin yadda yake motsi tsakanin kaka da bazara.

Batun kuɗi, kada jika 30 ɗin su tafi rana ɗaya. Ni da zan ba mai zane kamar kashi ɗaya cikin uku, da sharaɗin gyara sau biyu a ciki, a faɗa tun wurin ciniki. Sai ka yi fotokofi goma, baƙi da fari, ka gwada kafin bugu. Gwajin ba wuya. Ka samu mutum biyar zuwa goma irin masu sayen buhunka, har da mata, tunda a gidaje da yawa su ne masu shanya da ɗauri. Miƙa wa mutum takardar, da buhu, da igiya, da ɗan wake, ka ce ya yi abin da ya gani, kai kuma ka kama bakinka. Kada ka tambaye shi ko ya gane, don kunya za ta sa ya ce e. Hannunsa za ka kalla. In ya tattara baki ukun ya ɗaure da igiya ɗaya, mataki na huɗu bai fita ba, a koma wurin mai zane. In mutum biyu suka yi tuntuɓe a wuri guda, laifin zanen ne. Yaron shagonka ba ya cikin masu gwaji, ya riga ya san amsa.

In ta wuce gwaji, buga babba ɗaya ko biyu masu launi, girman A3, a lulluɓe su da roba a rataye a shago inda kake nuna ɗaurin. Sauran kuɗin duka a yi ƙanana baƙi da fari, rabin A4, kowane buhu ya tafi da tasa. A cusa ta cikin ninkin buhun saƙa. Kada wani yaro ya maƙala ta da allura ko ƙusar takarda, huji ɗaya a leda ya isa ya rusa cinikin.

Ga WhatsApp kuma, tsarin tsayen nan ya dace da fuskar waya, amma buɗe shi a ƙaramar waya ka gani da idonka. In sai an ja hoton an faɗaɗa kafin igiyar ta bayyana, yanka shi, mataki na huɗu ya tafi shi kaɗai a hoto na daban. Ka haɗa da saƙon murya gajere da bakinka, kana kiran matakan da lambobinsu kamar yadda suke a takardar, don dillalanka na Matamai da Dungas su tura wa nasu mutanen.