Hoton kaya ba talla ba ne, Alhaji: amsoshin wannan mako

Tambaya: Malam, ina sayar da takalman roba a sari a Gusau. Kullum ina zuba hotuna a Status, amma masu neman ƙafa ɗaya ne ke damuna da kira, 'yan sari kuwa shiru. Ina matsalar take?

Amsa: Alhaji, ko ban gani ba na san hotunan nan: takalmi ɗaya a kan buhu, an rubuta "sabon kaya ya sauka". To wa ka kira da wannan? Mai neman na sallah ka kira, shi ne kuma ya amsa. Ɗan sarin da zai kai kaya Ƙaura Namoda ko Talata Mafara lissafi yake nema. Yana so ya san nawa ƙwara ɗaya za ta tsaya masa kafin ya ɗora riba, kuma ba zai ƙona katinsa don ya tambaye ka abin da ya kamata ka rubuta ba.

Status ma ba wurin ajiya ba ne, bayan awa 24 ya ɓace. Ka koma WhatsApp Business ka buɗe `Catalog`, yana ɗaukar kaya har 500, kowanne da hoto har 10. Ka ba kowane kaya lamba a gurbin `Item code`, ka maimaita ta cikin sunan. Ga misali:

TK-14, silifas na maza. Dozin ɗaya ƙafa 12, lamba 40 zuwa 45, kowace lamba biyu. Kala a gauraye, ba a zaɓe. Dila ɗaya dozin 10. Mafi ƙarancin saye dozin 3. Lodi a tasha, kuɗin mota na mai saye.

Wannan "mafi ƙarancin saye" shi ke korar mai neman ƙafa ɗaya tun kafin ya kira. "Ba a zaɓe" kuwa zai raba ka da rigimar wanda ya kwance dila ya tarar da ruwan hoda alhali baƙi ya sa rai. Hoto uku sun isa: samfurin a kusa, dozin a jere, da dilar a ɗaure.

Sai farashi, inda mutanenmu ke ba ni haushi. Duk mai lambar wayarka yana iya buɗe katalog ɗinka, har da wanda ke saye a hannun kwastomanka. Ranar da ya ga kuɗin sari, ka kashe wa abokin cinikinka kasuwa. Don haka ka bar gurbin `Price` fayau, ka aika farashi daban ga 'yan sarin da ka sani, da lamba da kwanan wata. A ce dozin ɗin TK-14 naira 18,000 ne, ka rubuta cewa ƙafa ta tsaya 1,500. Dila kuma 168,000, wato dozin 16,800, ƙafa 1,400. Wannan naira ɗarin ce ke sa mai niyyar dozin 6 ya lallaɓa ya ɗauki dila. Kwanan watan kada ka manta shi, in ba haka ba wani zai tono saƙon watan jiya ya rantse haka kuka yi.

Kuma don Allah a daina manna lambar waya ɓaro-ɓaro a tsakiyar hoto. Ɗan sari yana so ya tura hoton ga nasa masu sayen. Da lambarka a kai, zai tura musu ne su tsallake shi? Lambar kaya kaɗai ka sa.

Tambaya: Ina sarin atamfa a Birnin Kebbi. Na tura wa mutum ɗari biyu farashi ta `Broadcast`, rabinsu sun ce ba su gani ba.

Amsa: Hajiya, ba su yi ƙarya ba. Saƙon yana isa ne kawai ga wanda ya adana lambarki a wayarsa. Ki ce su adana. Jeri ɗaya kuma ba ya wuce mutum 256.

Tambaya: Kayan da ya ƙare, in goge shi daga katalog? Daga Jega.

Amsa: A'a, Malam. Danna `Hide`, in mota ta sauke ka buɗe shi. Sai dai in kana jin daɗin sake rubuta komai daga farko.

Tambaya: Hotunan shadda da nake turawa suna isa dishi-dishi, zanen ba ya fita.

Amsa: WhatsApp ne ke matse su don rage data. Ka danna `HD` kafin turawa, ko ka aika a matsayin `Document`. Kafin nan dai ka goge gilashin kyamarar da bakin riga, ka ɗauka a inuwa da hantsi, ba ƙarƙashin ƙwan shago ba.